CIZON DARE: KUƊIN CIZO NE, ƘUMA NE, SAURO NE KO ƘAZUWA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa masu bibiyar darussanmu, tun da aka shiga kaka tambayoyi kan ƙaiƙayi da ƙuraje suka yi mana yawa, mafi yawansu daga Karfi da ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi. Wasu har da hoton hannu ko ƙafar yaro suke turowa, a ce Malam duba mana, mene ne ya cije shi? To mun tattaro tambayoyin da suka fi maimaituwa, za mu amsa su a darasin yau. A karanta a natse, a kuma karanta wa iyayen gida, don su ne suka fi kowa ganin jikin yara.

*Tambaya: Malam, in mutum ya dubi ƙurji ɗaya, zai iya gane abin da ya cije shi?*

*Amsa:* Da wuya. Ko likitan fata ba ya yanke hukunci da ƙurji ɗaya. Dalili kuwa, kumburin da kake gani ba ramin bakin ƙwaron ba ne, jikinka ne yake faɗa da yawun da ƙwaron ya zuba maka lokacin da yake shan jini. Shi ya sa sauro ɗaya zai ciji mutum biyu, ɗaya ya tashi da kumburi kamar ƙwayar gyaɗa, ɗayan ko alama babu. Ƙari a kan haka, littattafan likitanci da yawa suna cewa a duba ja-ja a wurin, alhali a baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai. Abin da za ka gani shi ne tudu, ko wurin ya fi sauran fata duhu, ko ya ɗan yi sheƙi. Sau da yawa yatsa ya fi ido ganewa.

Don haka ba ƙurjin kaɗai ake tambaya ba. Ana tambayar a wane ɓangare na jiki yake, da wane lokaci ƙaiƙayin yake tashi, da wane ne kuma yake susa a gidan, sannan a je a duba makwanci. Duk amsoshin da ke tafe a kan waɗannan suke tafiya.

*Tambaya: Ta yaya zan tabbatar sauro ne?*

*Amsa:* Nasa ya fi sauƙi. Cikin 'yan mintoci wurin yake tashi, tudu mai laushi, ƙaiƙayin nan take, kuma kafin kwana ɗaya ko biyu ya kwanta in ba a yi ta susa ba. Yana cizon inda yake a buɗe: fuska, kunne, wuya, hannu, ƙafa. Cizon a warwatse yake, nan ɗaya can ɗaya.

Akwai wani wuri guda da sauro ke rikitar da mutane. Wanda ya kwana cikin gidan sauro amma gwiwar hannunsa ko gwiwar ƙafarsa ta jingina da ragar, sauro zai sauka ta waje ya yi ta cizo ta cikin ramukan. Da safe sai a ga ƙuraje sun taru wuri guda ko sun yi layi, a ce ai kuɗin cizo ne. A lura da yadda yaron yake kwanciya. In duk cizon a gefen da yake manne da raga ne, a matsar da shi tsakiya, a cusa ragar ƙarƙashin katifa, a ga abin da dare biyu za su nuna.

Abin tsoro a sauro ba ƙurjin ba ne. Babu wata alama a fata da za ta nuna maka cewa wanda ya cije ka yana ɗauke da cutar maleriya ko ba ya ɗauke da ita. Zazzaɓin ba ya zuwa washegari, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, lokacin ƙurjin ya daɗe da ɓacewa. Saboda haka duk yaron da jikinsa ya yi zafi a wannan yanki namu, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, a kai shi a yi gwajin jini na ɗan yatsa a ranar, kada a tsaya lissafin cizo. Maganin rigakafin nan da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 duk wata a lokacin damina, a tabbata an ba su na kwana ukun cif.

*Tambaya: Ni kullum da safe ina tashi da ƙuraje a hannu da kafaɗa, maigidana kuwa gado ɗaya muke kwana amma ko ɗaya babu a jikinsa. Ya ce in da kuɗin cizo ne da shi ma ya ji. Haka ne?*

*Amsa:* Baiwar Allah, a gaya wa maigida cikin ladabi cewa hujjarsa ba ta tsaya ba. Akwai mutane da yawa da kuɗin cizo zai sha jininsu ya ƙoshi, fatarsu ba za ta nuna komai ba. Tsofaffi ma sun fi yin haka. Wani kuma sai bayan kwana biyu, uku, har fiye da mako sannan ƙurjin ya fito. Wannan jinkirin ne yake sa mutum ya kwana a Kano ko Zariya, ya dawo gida ƙuraje su fito, ya ɗora laifin a kan gadonsa.

Kuɗin cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi, ba ya tashi sama, ba ya tsalle, rarrafe yake. Babbansa bai wuce ƙwayar ridi biyu a jere ba, faffaɗa ne, launin ƙasa-ƙasa, in ya sha jini ya kumbura ya yi ja. Yana fitowa can cikin dare, ya yi minti biyar zuwa goma yana sha, ya koma maɓoyarsa. Ba ya zama a jikin mutum. Yawanci yakan tsaya a kan zanin gado ya miƙa baki ga fatar da ta taɓa shimfiɗa, in ka motsa ya matsa gaba kaɗan ya sake. Daga nan ne layin nan yake samuwa: ƙuraje uku ko huɗu a jere, ko a karkace, a gefen hannu, kafaɗa, wuya, gefen baya ko ƙauri. Sun fi na sauro tauri, sun fi shi daɗewa, sukan kai mako guda ana susa.

Amma shaidar gaske tana makwanci. Kafin kiran assalatu, a kunna fitilar waya farat ɗaya a ɗaga matashi. Da rana kuma a bi ɗinkin bakin katifa da yatsa, a duba mahaɗar katakon gado, ramin ƙusa, tsagar bango, bayan kalanda, naɗin tabarma, da saman gidan sauro inda aka ɗinke kusurwa. Abin da ake nema: ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an ɗiga tawadar biro, wanda kashinsa ne, da ɗigon jini a zanin gado, da ɓawon da yake saɓulewa, da ƙwai farare ƙanana manne a lungu. In sun yi yawa har wari ɗakin yake yi, wanda duk wanda ya taɓa murƙushe ɗaya ya san shi. In an ga baƙin ɗigon, a shafa masa jiƙaƙƙen tsumma. In ya narke ya bar ja-ja, magana ta ƙare.

Wanda kuma ƙurajensa suke bayan cinya da mazaunai, kuma da rana yake jin cizon, ya duba bencin da yake zama a kai, ko kujerar falo, ko kujerar motar haya. Kuɗin cizo mai jin yunwa ba ya jiran dare.

Abu ɗaya mai sanyaya rai: duk da ƙazantarsa da hana barci, ba a san shi da yaɗa wata cuta daga mutum zuwa mutum ba. Don haka kuskure ne babba mutum ya cire gidan sauro wai yana tara kuɗin cizo. Ka gudu daga mai hana barci ka faɗa hannun mai kisa kenan. A wanke ragar, a shanya a inuwa, a mayar. Tufafi da zannuwa a zuba musu ruwan zafi sosai, gadon a kwance shi a kwarara wa mahaɗansa tafasasshen ruwa, a toshe tsagar bango. A maimaita bayan kwana goma, domin ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Rufe ɗaki a bar shi ba ya kashe su, suna iya yin watanni ba su ci komai ba.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni mutum ya kakkaɓe shimfiɗarsa kafin ya kwanta. Mai yin wannan sunna kowane dare da fitila a hannu shi ne yake fara ganin baƙin ɗigon tun suna kaɗan.

*Tambaya: Yarana duk ƙafafunsu ne suka lalace, daga idon sawu zuwa gwiwa. Sama kuwa lafiya lau.*

*Amsa:* Wannan ya fi kama da ƙuma, wanda wasu ke cewa tunkuyau. Daga ƙasa yake tsalle, don haka idon sawu da ƙauri ne rabonsa. Yaro mai rarrafe ko mai zama a ƙasa kuwa har ƙugu da ciki, musamman inda zariyar wando ta matse. Ƙurajen ƙanana ne, a taru uku-uku ko fiye, ba tare da tsari ba, kuma in ka duba da kyau akwai ɗan ɗigo a tsakiyar kowane ɗaya. Ba ruwansa da dare ko rana, kuma sau da yawa ana jin tsinin cizon a lokacin.

A tambayi kai: akwai kyanwa, ko kare, ko awaki da ke kwana kusa da ɗaki? Ɓeraye sun yi yawa tun da aka shigo da hatsi? Gwajinsa mai sauƙi ne. A sa farar safa doguwa a yi yawo a ɗakin na 'yan mintoci, za a ga baƙaƙen ɗigo suna hawa, in ka kai hannu su ɓace. Ko a ajiye faranti da ruwan sabulu a ƙasa da dare, a haska masa fitila, da safe a duba.

Wani abu da yake ba mutane mamaki shi ne ɗakin da aka daɗe da rufewa. A buɗe shi don baƙo ko don amarya, ana shiga ƙuma ya rufe ƙafa. Ƙwansa da tsutsarsa a cikin ƙurar ƙasa suke girma, ba a jikin dabba ba, kuma wanda ya kusa fitowa yakan yi kwanto cikin kwansonsa na watanni har sai ya ji motsi da ɗumin mai jini. Maganinsa shara mai kyau har lunguna, a kwashe a kai nesa, a raba makwancin dabba da na mutane, a nemi maganin dabbar wurin malamin dabbobi.

Wasu yara, daga shekara biyu zuwa goma, jikinsu yakan yi fushi da cizon ƙuma ko sauro fiye da kima. Sabon cizo ɗaya sai ya tayar da tsofaffin, ƙafa ta cika da baƙaƙen tabo. Ba ciwon jini ba ne, ba kuma maita ba. In cizon ya tsaya, tabon yana washewa a hankali cikin watanni.

*Tambaya: Muna da kaji suna kwanci a lungun ɗaki. Muna jin abu yana bin jikinmu amma ba ma ganin komai.*

*Amsa:* Shi ne abin da ake kira ƙuman kaji, ko da yake yawancinsa ba ƙuma ba ne na gaskiya, don ba ya tsalle. Ɗan mitsitsi ne kamar ɗigon alƙalami, fari-fari in yana jin yunwa, ja in ya sha jini. Da rana yana ɓuya a akurki da tsagar bango, da dare ya hau kaza. In kaza ta ƙyanƙyashe ta bar wurin, ko 'ya'yan tantabaru suka tashi, sai yunwa ta koro shi kan mutane. A shimfiɗa farar takarda kusa da akurkin, ko a goga farin ƙyalle a ƙarƙashinsa, za a ga ɗigon suna tafiya ko jan layi. Ba ya iya hayayyafa a jikin ɗan Adam. A fitar da kajin, a ƙone ciyawar kwancin, a wanke wurin da ruwan zafi, ƙaiƙayin zai tafi.

Manoma da 'yan dako a kasuwannin hatsi su ma su lura. Ƙaiƙayin dawa ko na gero ana jin sa nan take, wanka kuma yana raba ka da shi. Amma in ka ɗauki tsohon buhun wake ko masara da ƙwari suka ci, ko ka kwanta a kan tsohuwar harawa, ba ka ji komai ba sai bayan rabin yini ko washegari ƙuraje suka feso a ƙirji, ciki da baya, ƙarƙashin riga, wasu da ɗan ruwa a kansu, to akwai wani ɗan ƙwaro da ido ba ya gani wanda ke cin tsutsar hatsi, shi ne ya same ka. Shi ma ba ya zama a jiki. Wanka da sabulu da canza kaya da zarar an gama aiki, da daina kwana kan buhuna.

*Tambaya: Malam, ni magidanci ne a Karfi, mu tara ne a gida. Yarona ya dawo daga makarantar allo yana susa, muka ce ƙurajen zafi ne. Bayan kamar sati biyar sai uwarsa ta fara, sai ƙannensa biyu da suke kwana tare, yanzu har jaririya 'yar wata bakwai. Da dare ba mai barci. Na fesa fiya-fiya sau biyu, na fitar da katifu rana, ban ga kuɗin cizo ko ɗaya ba, abin sai gaba yake.*

*Amsa:* Allah Ya ba su lafiya, Alhaji. Wannan ita ce tambayar da ta sa muka yi darasin nan, don haka za mu daɗe a kanta. Bari mu bi bayaninka daki-daki.

Ka bincika makwanci ba ka ga komai ba. Ka yi feshi sau biyu ba sauƙi. Abin bai kama kowa rana ɗaya ba, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fara da waɗanda suka fi cuɗanya da yaron. Sannan ga tazarar sati biyar. Kuɗin cizo ko ƙuma in sun shigo gida ba sa jiran sati biyar kafin su ciji na kusa. Abin da yake da wannan ɗabi'a ita ce ƙazuwa. Wanda bai taɓa yin ta ba yakan yi sati huɗu zuwa shida tana jikinsa bai fara susa ba, kuma a duk tsawon lokacin nan yana iya shafa wa wani. Wanda ya taɓa yi kuwa cikin kwana ɗaya zuwa huɗu yake farawa.

Bambancinta da sauran ukun shi ne, su suna ci su tafi, ita kuwa a cikin fata take zaune. Ƙwaron bai kai rabin milimita ba. Macen tana haƙa ɗan rami a saman fata tana zuba ƙwai biyu ko uku kullum. Ka ga kenan ko durom guda na fiya-fiya ka juye a ɗaki, ba ka taɓa ta ba. Tun ƙarni na 12 likitan Musulmi na Andalus, Ibn Zuhr, wanda ya rasu a 1162, ya yi bayanin wata 'yar halitta da ke rayuwa a fatar masu wannan ƙaiƙayi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum aƙalla miliyan 200 ne ke ɗauke da ita.

Yanzu ka kira yaran gaban haske ka duba waɗannan wurare: tsakanin yatsun hannu, cikin wuyan hannu inda ake ɗaura agogo, gwiwar hannu, hammata, kewayen cibiya, ƙugu, mazaunai. Ga maza, ƙuraje masu tauri a kan al'aura alama ce mai ƙarfi ƙwarai. Ga mata, kewayen kan nono, uwar ta duba da kanta. A manya ba ta cika taɓa fuska da kai ba. Jaririyar kuwa a duba tafin hannu, tafin ƙafa, kai da wuya, don a jarirai har can take zuwa, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu ruwa. In an yi sa'a za a ga ɗan siririn layi a karkace, bai kai tsawon farce ba, shi ne ramin. Kwatanta da kuɗin cizo: shi yana cin inda yake a buɗe, ita tana son lungu da matsi, inda tufa ta rufe.

In abin da ka gani ya yi daidai da wannan, ka ɗauki yaron da jaririyar ku je asibitin da ke kusa, ko Babban Asibitin Malumfashi, a tabbatar. Ka gaya wa ma'aikacin lafiya ku tara ne, don a rubuta maganin mutum tara. Nan ne mafi yawan gidaje suke faɗuwa: a yi wa masu susa biyar magani, a bar huɗun da ba su fara ba, bayan wata guda su dawo da ita. Kowa da kowa, rana ɗaya, har kai da ba ka jin komai.

Magungunan da aka sani su ne man fametirin mai kashi 5 cikin 100, da ruwan benzil benzuwet mai kashi 25, da man farar wuta, da ƙwayar aibamektin. Fametirin ana shafa shi a bar shi awa 8 zuwa 14, wato in an shafa bayan sallar isha'i, a yi wanka da asuba, sannan a maimaita bayan kwana bakwai saboda ƙwan da bai mutu ba. Babban mutum yakan cinye bututu mai giram 30 a shafa ɗaya. Benzil benzuwet ya fi araha amma yana da zafi a fata, yakan kwana ya yini a jiki, kuma yara ana sirka musu da ruwa. Kada a shafa wa jaririyar nan shi kai tsaye daga kwalba, ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa mata abin da ya dace da watanninta. Aibamektin da nauyin jiki ake auna shi, ana sha sau biyu da tazarar mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba a bai wa mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

Yadda ake shafawa ya fi sunan maganin muhimmanci. Ba kan ƙuraje kaɗai ba, jiki duka ne daga wuya har tafin ƙafa, da tsakanin yatsu, da cibiya, da tsakanin mazaunai, da al'aura ta waje. A yanke farce a cusa maganin ƙarƙashinsa. A sa wani ya shafa maka baya. Ƙananan yara da tsofaffi har kai da bayan kunne, a kauce wa ido da baki. Ga kuma abin da ya shafe mu Musulmi: duk lokacin da aka yi alwala ko tsarki ko aka wanke hannu kafin lokacin maganin ya cika, a sake shafawa a inda ruwa ya taɓa. Hannu shi ne babban gidanta, shi ne kuma muke wankewa sau biyar. Mai shayarwa ta wanke kan nono kafin ta ba da, ta mayar da maganin bayan an gama.

Washegari a tara kayan da aka sa da zannuwa da tawul na kwana ukun baya, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, ko a goge da dutsen guga. Abin da ba ya wankuwa, kamar bargo mai nauyi, a ƙulle a babbar leda a ajiye mako guda. Ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku in ba ya jikin mutum. Ba sai an ƙone katifa ba, ba kuma sai an yi feshi ba.

Kada ka firgita in an ci gaba da susa bayan magani. Ƙaiƙayin yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin ya mutu, don jiki bai gama share gawar ƙwaron ba. Abin da ke nuna magani bai ci ba shi ne sababbin ƙuraje a sababbin wurare bayan sati biyu, ko wani sabon mutum ya fara. Sannan ka sanar da malamin makarantar cikin mutunci, domin in yaron ya koma cikin abokan kwanansa ba a yi musu ba, da ita zai sake dawowa. Ƙazuwa ba shaidar ƙazanta ba ce, mai wanka sau uku a rana ma tana kama shi. Cunkoso ne da haɗa shimfiɗa, shi ya sa take ƙaruwa da hunturu.

Fiya-fiyar nan kuma a dakata da ita haka nan, ballantana a ɗakin da jaririya take kwana. Maganin ƙwarin gona ne, yana shiga ta numfashi da ta fata. Haka ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun hatsi: iskar da take fitarwa tana kashe mutum a rufaffen ɗaki, kada a kuskura a sa ta ƙarƙashin gado, kada kuma a kwana ɗaki ɗaya da buhunan da aka sa wa.

*Tambaya: Man habbatus sauda da man zaitun da ganyen darbejiya fa?*

*Amsa:* Ga cizon sauro, ƙuma da kuɗin cizo, abin da ake buƙata shi ne a kwantar da ƙaiƙayi har fata ta warke da kanta. Wanka da sabulu, tsumma mai sanyi a kan wurin, ruwan kalamin, da ɗan man zaitun ko man kaɗanya in fata ta bushe, duk suna taimakawa. Man habba a fara gwada shi a ɗan wuri, don akwai fatar da yake yi wa zafi, kuma kada a sa a inda ya fashe. Ga ƙazuwa kuwa, a yi wanka da ruwan ganyen bedi in ana so, amma kada ya zama madadin maganin da ke kashe ƙwaron da ke cikin fata. Kuma a guji man shafawar nan masu haɗi uku da ake saya a kemis don kowane ƙurji. Suna kwantar da susa kwana biyu, ƙwaron kuwa ya samu sarari ya yaɗu. Toka da kalanzir da baƙin mai da ruwan batir, waɗannan ƙuna suke ƙarawa.

Shari'a ba ta ɗauki ƙaiƙayi da wasa ba. Anas, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito cewa an yi wa Zubairu ɗan Awwam da Abdurrahman ɗan Aufu rangwamen sa rigar alharini saboda ƙaiƙayin da ke damunsu, alhali haramun ce ga maza. Mai ƙuraje ya nemi tufa mai laushi mara matsi, ya bar mai kaushi da roba-roba.

*Tambaya: Na ga ɗigon jini a rigar barcina, zan iya salla da ita?*

*Amsa:* Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi a nan. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa jinin ƙuma ba dole ne a wanke shi ba sai in ya yi yawa har ya munana. Ɗigo kaɗan ba ya hana salla. In ya yi yawa a wanke, a kuma bi ɗinkin katifa a ga daga ina yake.

*Tambaya: Yaushe ne ƙurji ya wuce a zauna da shi a gida?*

*Amsa:* In ya fara ruwa ko mugunya, ko ya yi ɓawo mai launin zuma, ko wurin ya kumbura ya yi zafi yana faɗaɗa, ko kaluluwa ta fito, to susa ta buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta ƙofa, sai an haɗa da maganin asibiti. Iyaye su riƙe wannan da kyau: yaron da ƙurajensa suka yi mugunya, in bayan sati biyu zuwa shida aka ga fuskarsa ta kumbura da safe, ko fitsarinsa ya ragu ya koma kalar shayi, ƙoda ce ta taɓu, a tafi asibiti a ranar. Haka in ƙuraje sun zo tare da zazzaɓi, da jan ido, da tari, wannan ba cizo ba ne, a yi tunanin ƙyanda ko ƙarambau. Wanda kuma leɓensa ko fuskarsa ta kumbura, numfashi yana yi masa wuya bayan cizon kowane irin ƙwaro, ba a jiran gari ya waye.

Mai turo hoto don darasi na gaba, ya ɗauka da hasken rana, ya rubuta a wane ɓangaren jiki ne, kwana nawa da farawa, da mutum nawa ke susa a gidan.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.